Hoton Argungu da mutumin da ya kutsa kai

A hoton da muka ɗauka ni da ƙannena uku a bakin kogin Matan Fada, wani bawan Allah ya leƙo ta bayanmu yana washe baki. Da na koma Birnin Kebbi na buɗe hoton a Photoshop domin in cire shi, na kwafi shimfiɗarsa domin asalin ya tsira, na zagaye mutumin da Lasso, na bar ɗan fili a gefensa, domin idan zagayen ya matse, gefen rigarsa yakan rage kamar inuwa. Sannan na danna Content-Aware Fill.

Inda ruwa da yashi suke, aikin ya yi kyau ƙwarai, saboda manhajar tana kwaso ƙwayoyin hoto ne daga kewaye ta cike gurbin. Amma inda kafaɗarsa ta haɗu da hular ƙanena, sai ta kwaso zanen hular ta liƙa a kan ruwa. Na goge hular daga koren yankin da take ɗauko samfuri, abin ya gyaru.

Hannunsa da ya rufe aikin wuyan babbar rigar autanmu ne ya gagare ni. Sau uku ina gwadawa, zaren yana maimaita kansa, wuyan yana karkacewa, domin abin da kyamara ba ta gani ba, kintata shi kawai manhajar take yi. Nan na tsaya, na bar yatsun baƙon a kafaɗar auta.