Inda na kai da montaj: Q da W da tafiyar sanda

Ƴan uwa masu koyon montaj, ga inda na kai da tallan shagonmu na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Ali Ɗan Sofo. Abin da na gano a wanga zagaye shi ne yanka ba shi ne aikin ba, aikin shi ne kai shuɗiyar sandar nan ta taimlayin daidai wurin da kake so, in ta tsaya daidai to maɓalli ɗaya ne ke gama sauran. Premiere Pro nike aiki da shi a ordinatar mai Windows, don haka maɓallan da zan faɗa nasa ne.

Bari in ɗauki kilif ɗaya mu bi shi tare. Inna ce ke riƙe da kwalbar mai tana magana, ƙanena ya ɗauka da waya, firem 30 a sakan. Tsawon kilif ɗin sakan 14 ne amma maganar da muke so ba ta wuce sakan 7 ba. Sakan ukun farko tana gyara mayafi tana tambaya an fara ne, huɗun ƙarshe kuma ta gama ta tsaya tana kallon mai ɗauka. Tallan gaba ɗaya sakan 30 muke so don sitatus na WhatsApp, kun ga ke nan ba mu da wurin ajiye gyaran mayafi.

Hannun dama na kan J da K da L, yatsu uku jere. L gaba, J baya, K tsayawa, in ka sake danna L gudun ya ninka. Sai in danna L sau biyu in wuce gyaran mayafin da sauri, ina jin muryarta ta fara sai K. Kullum zan tarar na wuce kaɗan, kuma ba komai, dama kunne na riga yatsa. Daga nan sai kibiyar hagu, kowane danni firem ɗaya baya, in ka haɗa da Shift firem biyar a tashi ɗaya. Ina ja baya ina kallon zanen sautin da ke kan layin sauti na A1 har sanda ta fita daga tudun maganar ta zo wurin da ya kwanta.

A nan fa kar a yi garajen yankewa. Inna da "sabon man gyaɗa" ta fara, kuma S ɗin nan ta farko kusan ba ta fitowa a zanen sauti, ɗan siririn abu ne gabanin babban tudun, in ka yanke a gindin tudun sai ka ji tana cewa "abon man gyaɗa". Haka Sh da F da H suke, masu taushi ne. Shi ya sa in na zo gindin tudun sai in ƙara Shift da kibiyar hagu sau ɗaya, firem biyar ke nan, kashi ɗaya cikin shida na sakan, ya isa ya bar mata numfashinta. Sannan in danna Q.

Q na share duk abin da ke tsakanin farkon kilif da inda sanda take, kuma ya jawo sauran ya rufe gurbin da kansa. W kuma ɗaya ɓangaren, daga sanda zuwa ƙarshen kilif. To sai L in bar ta ta yi maganarta har ta ce "jikka biyu ne kwalba", K, in ƙara firem kamar goma don kar bakinta ya rufe a yanke, W. Sakan 14 ya dawo bakwai da ɗan wani abu, ban taɓa maus ba. Ta hanyar reza kuwa sai ka danna C ka yanka, ka koma V ka zaɓi guntun, ka goge, ka rufe gurbi, kuma kai da gindi sau biyu ke nan, a kilif takwas ko goma abin na cin lokaci sosai, ga kuran da ba ka san sa'adda za a ɗauke ba. Af, Ctrl+S ma a mai da shi ɗabi'a.

Wurin da ya fi burge ni shi ne tsakiyar magana. Akwai inda Inna ta yi tuntuɓen harshe ta maimaita jimla. Sai in tsayar da sanda a farkon tuntuɓen in danna Ctrl+K, ya tsaga kilif biyu nan take, in tafi da L zuwa inda ta sake farawa da kyau, in danna Q. Tunda Q har tsagar da ke bayansa yake sharewa, tuntuɓen kaɗai ya tafi. Kanta zai ɗan yi tsalle a wurin haɗin, wannan sai a rufe shi da hoton mai ana zubawa a kwalba a kan layin hoto na V2, murya na ci gaba a ƙasa. In na gama sai in bi haɗe-haɗen da kibiyar sama da ta ƙasa, su ke tsallaka sanda daga yanka zuwa yanka, ina sauraren kowanne.

Amma Q da W ba su da ido, layukan da aka kunna suke bi, wato V1 da A1 da sauransu da ke haske da shuɗi a gefen hagu. In V2 na kunne kuma akwai yanka kusa a can, sai Q ya tsaya a wannan yankan ya cire ɗan guntu kawai, ka ga kilif bai ragu yadda ka zata ba. Kiɗa kuma in yana kan A2 ba a sa mishi kwaɗo ba, yankan na iya shafarsa, za ka ji ya yi tsalle daidai wurin haɗi. Shawarata a gama yankan magana tsaf kafin a sa kiɗa da rubutun farashi da lambar waya. In kiɗan ya riga ya shiga a danna mishi kwaɗo. Rubutu kuwa kar a kulle shi, don in an kulle, hoto zai matsa rubutun kuwa ya tsaya, sai ka ga farashin ƙuli-ƙuli a kan kwalbar mai.

Sai batun kilabiye, wanda mu nan ya shafe mu sosai tunda wasu ordinatar ɗinmu AZERTY ne wasu kuma daga Kano ko Katsina suka zo da QWERTY. Wurin da Q da W suke a wannan, A da Z ne a wancan. In ordinatar ɗinka QWERTY ne amma Windows na kan Faransanci, ka danna Q ba abin da ya yanku sai alamar maus ta koma kibiyoyi biyu, to A ce ta shiga. Danna V ka fita, ka canza harshen kilabiye da Windows+Space. Kuma Ctrl+Alt+K na buɗe jerin maɓallan, ka nemi Ripple Trim Previous Edit to Playhead da Ripple Trim Next Edit to Playhead ka ɗora su inda hannun hagunka ke hutawa. In duk wannan daidai ne kuma shiru, taɓa taimlayin ɗin sau ɗaya ya yi shuɗin baki, wataƙila wata taga ce ke karɓar dannin.

Masu CapCut na ordinatar, ku ma kuna da Q da W ɗin, tsagawa ce kawai Ctrl+B a wurinku. Na gaba da zan gwada shi ne I da O, in zaɓi abin da nike so tun kafin kilif ya sauka taimlayin, da kilif ɗin suyar ƙuli-ƙuli zan fara don ya fi minti huɗu.