Ranar da Alhaji ya nemi kuɗinsa a cikin zanena

Mu huɗu ne a ɗan kamfaninmu nan Asawase, Kumasi, manhaja muke rubuta wa 'yan kasuwa, kuma kafin mu taɓa kwamfuta sai mun zana yadda aiki ke tafiya, akwati da kibiya. Bara wani Alhaji mai sarin shinkafa da mai, shago uku da sito ɗaya, ya ba mu aiki. Na zuba komai a takarda ɗaya, akwati 31, kibiyoyi suna ta haye juna. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Malam, in mutum ya biya ta MoMo, ina kuɗina ke bi?" Na sa yatsa ina bin layin, wallahi sau biyu yana ɓace min.

Tun daga ranar abin da nake dubawa kenan. In yatsa bai iya bin kibiya daga farko zuwa ƙarshe ba, ko sai na ƙanƙance rubutu kafin ya shiga A4, ko na ga "sito" zaune kusa da sunan teburin rumbun bayanai alhali ba sa'annin juna ba ne, to lokacin raba zanen hawa-hawa ya yi.

Na koma na yi hawa uku. Na sama akwati ɗaya tak, manhajar gaba ɗaya, a kewaye da ita mai saye, mai kula da sito, MoMo da Alhaji. Wannan nasa ne. Na biyu akwati shida masu lamba: oda, sito, biyan kuɗi, bashi, kai kaya, rahoto. A cikinsu lamba 3 kaɗai na buɗe, biyan kuɗi, don nan ne rikicin yake, ya zama 3.1 kuɗi hannu, 3.2 MoMo, 3.3 biyan rabi, 3.4 rasit.

Ka'idar da ba na wasa da ita, duk kibiyar da ta shiga ko ta fita daga akwati 3 a sama dole a same ta a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Da muka ƙirga, sama huɗu, ƙasa biyar. Ta biyar ɗin mayar da kuɗi ce in an dawo da buhu, yaronmu ne ya sa ta don ya ga ana yi a shagon, amma a sama babu hanyar da za ta gaya wa sito buhun ya dawo. Da mun rubuta manhajar haka, lissafin kaya zai riƙa nuna gibi a rasa dalili, ƙila ma a zargi mai kula da sito ba laifinsa.

Yaron ya so ya buɗe rahoto ma, ya fito da akwati biyu kacal, na ce ya bari. Shafi don akwati biyu ƙarin aiki ne kawai, duk ranar da Alhaji ya canza tsari sai mun bi kowane hawa mun gyara.

Da na koma wa Alhaji shafi biyu na sama kaɗai na ɗauka. Shi da kansa ya karɓi biro ya ja layi daga bashi zuwa kai kaya, ya ce wanda bashinsa ya wuce iyaka kada a loda masa.