Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙasar da Kawu Ya Buga Wa 'Yan Gonar Hanyar Zango

"Ba a tambayar ƙasa wa zai ci ƙasa, ita za ta ci kowa." Maganar Kawu ke nan, Allah ya ji ƙansa, duk lokacin da wani ya shigo zaurensa a Daura da rigimar gado. Waɗanda suka riƙa kiransa boka a cikin dangi, har da masu cin tuwon gidansa, ba su taɓa zama sun ga yadda yake aikin ba. Shi ya sa wannan makon zan kawo zama guda ɗaya filla-filla.

Mai tambayar ƙaramin ɗa ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, da gona a hanyar Zango wadda gari ya fara cim mata. Shekara tara babban wansu yana nomanta ba a raba ba, ga shi kuma ƙanen ya ji ana cewa zai sayar. Da ya zauna sai ya ce, "Malam, a duba mini, in na kai Yaya kotu zan yi nasara?"

Kawu ya ce masa rabon gado ba abin duba ba ne, Allah ya riga ya yanke a Suratun Nisa'i. Ya zana masa a ƙasa da yatsa: bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a kasa gonar takwas. Tumunin uwarsu kashi ɗaya, kowane namiji biyu, mace ɗaya. "Wannan ko alƙalin Daura ko na Katsina, abin da zai ba ka ke nan. Sauya tambaya. Ka tambayi me ya toshe magana tsakaninka da ɗan'uwanka."

Sai ya baje yashi a faifai. Yana ɗiga layi goma sha shida daga dama zuwa hagu ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya bi kowane layi yana kashe ɗigo bibbiyu, abin da ya rage ɗaya ne ko biyu. Kowane layi huɗu su ba da siffa guda, sai a sami uwaye huɗu, daga cikinsu sauran gidaje suke fita. A rigimar 'yan'uwa gida huɗu yake fara kallo: na ɗaya mai tambaya, na uku 'yan'uwa, na huɗu uba da ƙasa, na bakwai abokin jayayya. Gida na goma sha biyar, wanda ake kira alƙali, shi kowa yake ɗokin ji, shi kuma Kawu yake dafe wa da tafin hannu. Ba a tambayar ƙasa wa zai ci ƙasa.

Siffofin da sunayen mutane ake kiransu. Ranar, Umar ne ya sauka a gida na ɗaya, siffar ja, ta zafin rai. Ya sake fitowa a na bakwai. Kawu ya ce, "Wutar da ke cikinka ita ke cikin yayanka, kada ka ɗauka kai kaɗai aka ɓata wa." A na uku Sulaiman ne, siffar da take rufe sama da ƙasa kamar ɗaki, wato magana a ƙulle. A na huɗu Musa, jama'a, bakuna da yawa a kan gona ɗaya. Nan ya tsaya ya yi tambayar da, a ganina, ita ce aikin gaba ɗaya: "Wa ya faɗa maka yayanka zai sayar?"

Dillali ne ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa masa. Rabonsa da zama da yayan su biyu tun sadakar arba'in. Wata bakwai kuma ko gaisuwa sai ta saƙon waya.

Na sani malamai sun yi hani da duba, da hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Ba na jayayya da wannan, shi ma Kawu ya kife faifan kafin rasuwarsa, bayan dawowarsa daga Hajji, ya koma tambayoyin kawai ba yashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu zaginsa ba su taɓa sasanta ko mutum biyu ba. Ɗaya daga cikinsu har yau ba ya shiga gidan ƙanwarsa saboda kango mai ɗaki biyu.

Mu koma zauren. Kawu ya haɗa gida na ɗaya da na uku layi-layi, inda jimla ta zama mara ya sa ɗigo ɗaya, inda ta zama cika ya sa biyu. Yusuf ya fito. Ya karanta masa aya ta 92 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kanku yau, sannan ya shiga ba shi umarni.

Ya ce ya tafi da ƙafarsa ranar Juma'a bayan la'asar, kada ya aika kowa, kada ya kira a waya, domin saƙon murya ana ajiye shi a sake kunna wa wasu, kalma ɗaya ta yi shekara tana ciwo. Zaman farko kada ya ambaci kuɗi ko rabo. Ya tambayi yayan abin da ya kashe a shekara taran nan: taki, bashin asibitin mahaifinsu, kayan ɗakin ƙanwarsu. Babban wa da ya riƙe gida ba ya tsoron rabo kamar yadda yake tsoron a raba ba wanda ya ce masa sannu. In aka fara da "ina haƙƙina", abin da kunnensa zai ji shi ne "ka ci amana", daga nan kuma sai rantsuwa.

Zama na biyu a ɗakin mahaifiyarsu, da baffansu guda wanda ba ya noma kusa da gonar kuma ba ya bin kowa bashi. Matan aure da mazan aure su dakata a waje. Ita ƙanwar a tambaye ta da bakinta, domin an saba cewa "ta yafe" alhali kunya ce ta rufe mata baki, bayan shekara goma 'ya'yanta su tayar da maganar. Kowa ya faɗi nasa har ya gama ba a katse shi ba, babba ya fara. A rubuta bashin mamaci da abin da Yaya ya kashe a takarda ɗaya, a karanta da ƙarfi.

Sai a zama na uku a je gona da igiya, da mai unguwa da maƙwabtan iyaka. Nan ne aka fi ɓatawa, saboda kashi takwas daidai a igiya ba daidai ba ne a daraja. Wanda ya fuskanci titi ya fi na ƙurya kuɗi nesa ba kusa ba. A sa mutum biyu da ba dillalan da ke neman sayen ba su yi ƙima, a amince da cikon da mai bakin titi zai bayar tun kafin a san wa zai samu, sannan a jefa ƙuri'a. In aka jefa ƙuri'a kafin a yanke ciko, wanda ya faɗa ƙurya zai ce an shirya masa.

Alamar da Kawu yake gane zama ya lalace ita ce in ƙane ya daina cewa "Yaya" ya koma "shi wancan", ko aka fara "uwarka" a gidan da ake cewa "Inna". Da ya ji haka sai ya sa a tashi, a ɗaga mako guda.

Saurayin ya miƙe zai fita, ya juyo ya ce, "To Malam, alƙalin fa?" Kawu ya share yashin da gefen hannu ya maimaita masa maganar tasa. Ali ne a gidan, siffar haɗuwa, wanda ke zaune kusa da faifan ya gani kafin a share.

Sai da suka yi zama biyar, ba uku ba, don na biyun ya watse a kan kuɗin kayan ɗaki. Yaya bai taɓa kiran dillali ba, dillalin ne ya same shi a gona ya yi tayi. Bakin titi ya faɗa wa na tsakiya, ya biya ciko bayan kaka. Mako mai zuwa sai labarin yadda aka raba gidan Kawu kansa.