Wa'adin sanar da kamfanin inshora: abin da aikin ofishin dillali ya koya min

Mutanenmu idan suka biya kuɗin inshora aka miƙo musu takarda, shafin farko kawai suke dubawa, su ga sunansu da adadin kuɗin da aka rubuta, shikenan sai a ninke a tura ƙarƙashin katifa ko durowar shago. Alhali inda ake cin mutum ko ya ci yana can ciki, a wajen sharuɗɗa, cikin ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Ina aiki a wani ofishin dillancin inshora nan Zariya wajen PZ, kuma cikin fayil-fayil ɗin da suka bi ta hannuna waɗanda suka fi ba ni takaici ba na 'yan damfara ba ne, na mutanen kirki ne da asara ta same su da gaske, sun biya kuɗinsu cif, amma suka makara wajen faɗa.

Bari in tsaya a kan gobarar shago tunda ita na fi gani. Takardar inshorar gobara yawanci wa'adi biyu gare ta, mutane kuma ɗauka suke ɗaya ne. Na farko shi ne sanarwa, ka faɗa wa kamfani abu ya faru, shi wannan ba ma a cika sa masa adadin kwana ba, cewa ake nan take. Na biyu shi ne kawo bayanin asarar a rubuce, me da me ya ƙone, nawa ne kuɗinsa, ina shaida, a nan ne za ka ga an sa kwana 15 a wasu takardun, wasu kuma kwana 30. Lissafin daga ranar da wutar ta tashi yake farawa, ba daga ranar da hankalinka ya dawo jikinka ba. Sai mutum ya ji wani ya ce ai wata guda ake bayarwa, ya zauna yana haɗa resit, bai san wa'adin farko ya riga ya wuce shi ba. Sannan in ka duba ƙarshen sharuɗɗan akwai wani layi da ke cewa cika waɗannan ƙa'idoji sharaɗi ne kafin biyan diyya ya hau kan kamfani. Da wannan layin ake rufe wa mutum ƙofa.

Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda da leshi a gefen Sabon Gari, ya yi wa kayansa inshorar naira miliyan 10. Daren wata Alhamis aka kawo wuta da ƙarfi, shagon ya kama, maƙwabta da 'yan kwana-kwana suka kashe amma rabin kayan sun tafi, sauran kuma ruwa da hayaƙi sun ɓata. Juma'a aka wuni ana jaje. Asabar yaran shago da 'yan uwa suka yi abin da kowa zai yaba musu a garin nan, suka kwashe toka da ƙonannun turame aka zuba a kura aka kai bola, waɗanda suka jiƙe aka shanya aka karyar da su a araha, mai wayarin ya zo ya cire tsofaffin wayoyi ya sa sababbi, kafinta ya maida silin, aka yi fenti. Kafin sati biyu shago ya buɗe, har ma ya fi da kyau. A rana ta 24 ne ya shigo ofishinmu da takardarsa a leda, ya ce ya zo a ba shi haƙƙinsa, asararsa miliyan 6. Takardarsa kuwa kwana 15 ta ce.

Da maigidana ya tambaye shi me ya sa bai kira ba, sai ya ce, “Haba ranka ya daɗe, ai yaron da ya kawo min takardar ya zo min jaje, da idonsa ya gani.” Wallahi wannan maganar na sha jin ta. Zuwa jaje ba sanarwa ba ne, haɗuwa a masallaci ka ce wane ka ji abin da ya same ni shi ma ba sanarwa ba ne. Kai ko mu dillalai, a ƙa'ida wakilan mai inshora ne mu ba na kamfani ba, in ka faɗa mana muka yi barci a kai, kamfani na iya cewa shi bai ji ba. Shi ya sa nake ce wa mutane ko ta hannunmu suka bi su nemi a nuna musu saƙon da aka tura da amsar da ta dawo.

Da farko ni ma ina ganin kamar neman hanyar guduwa ne kawai kamfanoni ke yi, kuma gaskiya akwai masu yin hakan, ba zan wanke kowa ba. Amma da na fara bin mai tantance asara zuwa wajen gobara, wanda ake ce wa ajasta, sai na gane me yake nema. Yana so ya ga inda wutar ta faro, soket ne ko janareta ko risho, domin in an ajiye jarkokin fetur a shagon da aka rubuta na yadi ne magana ta canja. Yana ƙirga ragowar turamen da suka ƙone, don yadi a ninke ba ya cinyewa duka, tsakiyarsa kan rage, daga nan ake gane yawan kayan da ke ciki. Yana kuma duba waɗanda suka jiƙe a yi musu kuɗi, domin abin da aka tsira da shi ana cire shi daga diyya. Duk wannan a toka da ɓaraguzai ake karanta shi. Ajastan da aka turo wa Alhaji ya zo ya tarar da shago fes yana ƙamshin fenti, to me zai rubuta?

Kamfani ya rubuto cewa zai duba amma bai sauka daga haƙƙinsa na ƙin biya saboda makara ba. In ka ga irin wannan wasiƙar ka san ana cikin matsala. Muka shiga tono. Aka samu wani bidiyo da maƙwabcinsa ya ɗauka a waya daren gobarar, aka je aka karɓo rahoton 'yan kwana-kwana, aka ciro bayanan banki da ke nuna kuɗin da ya tura wa 'yan Kantin Kwari a Kano, amma littafin shago ya ƙone, kuma yawancin sarinsa da kuɗi a hannu yake yi ba resit. Abin da aka iya tsayar da shaida a kansa bai wuce miliyan 2 da rabi ba. Ƙarshe miliyan 1 da dubu 800 aka ba shi, shi ma aka rubuta biyan alfarma ne, wato ba su yarda an bi su bashi ba. Ni dai na gaskata mutumin nan miliyan 6 ɗin ya rasa, amma gaskatawata ba ta shiga fayil.

Wani zai ce ai akwai doka. Eh akwai. Dokar inshora ta 2003, wadda aka yi aiki da ita har zuwa 2025 da aka yi sabuwa, a sashe na 55 ta ce kamfani ba zai fake da saɓa wani sharaɗi ba sai in sharaɗin yana da muhimmanci kuma ya shafi haɗarin ko asarar da aka yi wa inshora. Akwai kuma NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin, tana karɓar ƙorafi. Wanda ya makara da kwana uku yana kwance a asibitin Shika, shagon kuma na nan yadda wuta ta bar shi, yana da bakin magana sosai. Amma wanda ya share wuri ya yi fenti ya ba kamfani hujja da hannunsa cewa makarar ta cuce su.

To me za ka ce a kiran farko? Mutane na jinkiri ne saboda suna ganin sai sun haɗa komai, alhali kiran bai kai minti biyar ba. Ka faɗi sunan da ke kan takardar da lambarta, ka faɗi rana da lokaci da wuri, ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ko wani ya ji rauni, ko wutar ta taɓa shagon maƙwabci, da ko an kira 'yan kwana-kwana. Misali: “Sunana kaza, lambar takardata kaza, jiya Alhamis wajen ƙarfe 11 na dare wuta ta kama shagona lamba kaza, an kashe, ba wanda ya ji ciwo, kaya sun ƙone wasu sun jiƙe, ban taɓa komai ba, ina sanar da ku ne kuma ina so a turo mai dubawa.” Iyakarta kenan.

Abin da ba za ka faɗa ba ya fi wannan wuya, saboda bakinmu ya saba. Kada ka yi hasashen dalili. Da an ce me ya jawo sai mutum ya ce wataƙila yarona ne ya bar hita a kunne, alhali bai gani ba, ana rubutawa kuwa ta zauna a fayil. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba tukuna. Kada kuma ka yanke adadi cikin ruɗu, ka ce komai ya ƙone ya kai miliyan 15, kai da ka yi inshorar miliyan 10. Ko dai a ga kamar kana ƙari, ko kuma a ɗauke ka a kan maganarka a ce kayanka sun fi abin da ka yi wa inshora, sai a biya ka kashi biyu cikin uku na duk asarar da aka tabbatar, domin akwai sharaɗi a takardar da ya ce haka. Ka ce ana kan lissafi. Idan wutar ta ci shagon maƙwabci, ka yi masa jaje yadda ya kamata amma kada ka ce laifina ne zan biya, ba kai za ka yanke wannan ba.

Kafin ka ajiye waya kai ma ka yi naka tambayoyin. Wa nake magana da shi, mece ce lambar fayil ɗina, yaushe ajasta zai zo, waɗanne takardu kuke so kuma zuwa wace rana, sannan me aka yarda in taɓa. Wannan ta ƙarshen tana da amfani domin takardar ta ɗora maka ka kare abin da ya rage, ba a ce ka bar shadda a cikin ruwa tana ruɓewa ba, ka ɗau hoto da bidiyo tukuna ta kowace kusurwa, sannan ka kwashe masu kyau gefe, ƙonannun kuma ka bar su inda suke, kada ka zubar kada ka sayar. Kana gama kiran ka maimaita duk abin da ka faɗa a rubuce, imel ya fi, in babu ka tura saƙo ka kuma kai wasiƙa a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. In kana asibiti ɗanka ko ƙaninka ya kira a madadinka, ana karɓa. Idan kuma ka ga kwana 15 ɗin za su cika ba ka gama haɗa lissafi ba, ka tura abin da ka samu, ka rubuta kana neman ƙarin lokaci tun wa'adin bai cika ba, kuma ka tabbata amsarsu ma a rubuce ta zo.