Sayen injin niƙa ko haya, lissafin da muka buga

Jama'a ni da ƙanena mun zauna kan maganar injin niƙa, mu saya a miliyan 1.2 ko mu ci gaba da haya dubu 50 duk wata, wato dubu 600 a shekara. In mun saya gyara ya dawo kanmu, bel da faifai da sabis, muka sa dubu 150, kenan abin da zai rage mana a aljihu dubu 450 ne duk shekara.

Shi ya ce ai shekara 2 da wata 8 uwar kuɗi ta dawo, a saya kawai. Gaskiya ne amma wannan lissafin bai san naira ta bana ta fi ta baɗi daraja ba, kuɗin nan fa in muka zuba shi a hatsi yana kawo riba, muka ƙiyasta 25% a shekara. Sai na ce mu ɗauka injin zai yi shekara 5 a sayar da shi dubu 200, na buga a Excel:

```
=NPV(25%,450000,450000,450000,450000,650000)-1200000
```

Ya ba ni wajen dubu 76 kacal. Da na maida shi 30% wallahi sai ya koma asarar dubu 50, alhali shekara 2 da wata 8 ɗin nan ko motsi bai yi ba.

Ni dai hayar nan zan riƙe tukunna, don in gyara ya ƙaru da dubu 30 a shekara ma ya cinye ribar gaba ɗaya.