Abin da za ka rubuta a ƙasan hoton faɗuwar rana

Ƙannena, ku duba sitatus ɗin mutanen da ke cikin wayarku bayan sallar magariba a wata ranar damina da sama ta yi kyau. Hotunan za su bambanta, amma rubutun ƙasansu kusan ɗaya ne. Wannan ya sa "Masha Allah", wancan ya sa "Ikon Allah", na uku ya liƙa #sunset da hoton zuciya, na huɗu kuma ya fassaro wata maganar Turawa cewa kowace faɗuwar rana alkawarin sabuwar safiya ce. Ambaton Allah ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Sai dai idan rubutun da ka sa zai dace da hoton kowa, a kowane gari, a kowane wata, to bai faɗi komai a kan naka hoton ba. Na daɗe ina cikin masu yin haka, don haka abin da zan gaya muku a jikina na koye shi.

Kuskurena na farko shi ne maimaita abin da ido ya riga ya gani. In ɗauki sama ta yi ja, sai in rubuta cewa sama ta yi ja, ko in ce kyakkyawan yammaci. Mai kallo ba makaho ba ne. Abin da yake buƙata daga gare ka shi ne abin da hoton ya kasa ɗaukowa: a ina ka tsaya, wane lokaci ne na shekara, me kunnenka ke ji, wane ƙamshi ko ƙauri ne a iskar, me ka bari ka ɗaga waya. Kyamara ba ta ɗaukar kiran sallah, ba ta ɗaukar hayaƙin itacen girkin tuwo, ba ta ɗaukar sanyin da ya fara shiga riga. Waɗannan naka ne, kuma su ne kayan aikinka.

Kafin ka iya rubuta wani abu sabo, sai ka san samar da kake kallo, domin yammacin ƙasarmu ba iri ɗaya ba ne duk shekara. Ja da ruwan goron da ake gani suna da dalili. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai yawa fiye da na tsakar rana kafin ya iso idonka. A hanya shuɗin hasken yakan warwatse, ja da ruwan ɗorawa su ne ke tsira su iso. A damina, musamman bayan an ɗauke ruwan la'asar, iska ta wanku, ga kuma gajimare a sama da hasken zai bugi cikinsa daga ƙasa. Shi ya sa a watan Agusta da Satumba ake samun samar da ke ci kamar wuta. A hunturu kuwa labari ya sauya. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan dushe komai. Rana ta koma fari-fari ko ruwan toka, a zagaye sarai, kuma a ranar da hazo ya yi kauri takan ɓace tun tana da saura kafin ta taɓa ƙasa.

A nan na taɓa jin kunya. Na ɗauki rana a cikin hazon Janairu, na ga hoton ya yi fari, sai na ɗora masa filta har ya yi jawur, na rubuta cewa sama ta kama da wuta. Wani yayana da ke noma ya tambaye ni a wane gari nake, don shi dai a garinmu tun safe ko ƙarshen layi ba a hangowa. Na ɓata hoton da filta, na kuma ɓata rubutun da ƙarya, alhali gaskiyar ranar ta fi daɗin faɗi. Da cewa na yi "Yau hazo ya haɗiye rana tun kafin ladan ya yi alwala", da duk wanda ke garin ya gane ranar da nake nufi.

Bari mu ɗauki hoto guda mu bi shi daki-daki. A ce ka hau Dutsen Dala a Kano a cikin watan Disamba, ka fuskanci yamma, wajen Goron Dutse. A hoton akwai rufin kwano jere, hasumiyar wani masallaci, hazo, da rana a dushe. Abin da zai fara zuwa maka shi ne "Kano kenan, Masha Allah". Rubuta shi a gefe, ka wuce, domin shi ne zai fara zuwa wa kowa. Sai ka tambayi kanka ƙarfe nawa ne. A Kano, ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, a Yuli kuwa takan kai kusan 7 saura minti goma. Ga abin faɗa ya samu, domin duk wanda ke tashi daga kasuwa ya san yadda duhu ke riskarsa da wuri a wannan lokaci. Sai ka saurara. Daga saman dutse kiran sallah ba ya zuwa a tare, wani masallaci ya fara, wani ya karɓa, har gari ya ɗauka. Sai ka duba jikinka, ƙila leɓenka ya tsage, ƙila ka yi nadamar barin rigar sanyi a gida. Yanzu kana da abu uku, kuma kuskure ne ka zuba su duka. Zaɓi ɗaya. Kana iya cewa "Daga kan Dala, ladanai ba sa jiran juna". Ko ka ce "Shida ba ta yi ba, Disamba ya riga ya kashe fitila". Ko kuma "Na hau ganin rana, sanyi ya sauko da ni". Ni na fi son na farko, saboda ya sa wa hoton sauti, kuma wanda bai hau dutsen ba da magariba ba zai iya ƙirƙiro shi daga ɗakinsa ba.

Wannan ita ce jarrabawar da nake yi wa kowane rubutu yanzu: in cire shi in ɗora a kan hoton wani. Idan ya zauna daram, na goge. Idan ya ƙi zama, nawa ne.

Sai maganar sunayen lokuta, wanda samari da yawa ke cuɗawa. La'asar sakaliya daban, lokacin da rana ta yi sanyi inuwa ta yi tsawo. Magariba daban, bayan rana ta faku. Almuru shi ne lokacin da duhu ya fara rufawa kana ganin mutum amma ba ka shaida fuskarsa. Jan da ke saura a yamma bayan rana ta tafi shi ne shafaƙi, wanda malamanmu suka koya mana cewa ɓacewarsa ce ke shigo da lokacin isha'i. Na sha rubuta almuru a ƙarƙashin hoton da rana ke tsaye ƙiri-ƙiri a saman bishiya. Kuma ku sani, mu da ke kusa da tsakiyar duniya wannan haske ba ya jimawa. Minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana duhu ya fara kankama, kuma sau da yawa launin da ya fi kyau yana zuwa ne a cikin waɗannan mintoci, bayan masu gaggawa sun mayar da waya aljihu.

Idan akwai wani abu mai haske a saman hoton, ka tabbatar da shi kafin ka raɗa masa suna. Tauraruwar nan mai tsananin haske da ake gani a yamma bayan magariba, wadda muke kira Zara matar wata, ba kullum take can ba. Takan yi watanni tana fitowa da yamma, sannan ta koma fitowa da asuba a gabas. Jinjirin wata a yamma yake bayyana, kusa da inda rana ta faɗi, a kwanakin farko na watan Musulunci. Cikakken wata kuwa daga gabas yake ɓullowa daidai lokacin da rana ke faɗuwa, don haka ba za su haɗu a hoto ɗaya da ke kallon yamma ba. Wanda ya san wannan zai iya rubuta "Wata ɗan kwana uku, Zara na rakiya", ya fi dogon baitin aro nesa ba kusa ba.

Karin magana kuma a yi hattara da shi. Na taɓa sa "Rana ba ta ƙarya" a ƙasan wani hoto don kawai na ga kalmar rana a ciki, alhali maganar a kan ranar da aka tsayar ce, ta biki ko ta alkawari, ba ta sama ba. Wannan dariya kawai ta jawo. Wanda ya fi muni shi ne ranar da na sa hoton yammacin garinmu na rubuta "Rana ta faɗi a garinmu" ba tare da wani ƙari ba. A bakin Bahaushe wannan magana sanarwar rasuwar babban mutum ce. Kafin isha'i 'yan uwa na nesa sun fara kira suna tambaya wa aka rasa, wata gwaggona har da salati. Idan za ka ambaci faɗuwar rana, ka haɗa ta da wani abu na zahiri, a bayan kuka, a kan tafki, a ƙarshen gonar gero, yadda ba wanda zai ɗauka ta'aziyya ce. Haka nan aya ko hadisi: idan ba ka tabbatar da lafazin da fassarar ba, bar shi. Ado da hoto bai kai a yi wa maganar Allah kuskure ba.

Abin da na fi jin daɗin gani a wurin wasu matasa yanzu shi ne masu kawar da kai daga ranar gaba ɗaya su rubuta a kan abin da ke ƙasanta. Shanu na komawa ruga da ƙurarsu, balbelu sun jero zuwa makwanci, jemagu sun tashi, mai shayi na hura gawayi, mai kwale-kwale na tsallaka kogin Kwara a Yamai. Wata yarinya ta sa hoton sama ja a bayan igiyar shanya ta rubuta "Umma ta ce in kwashe wanki, na tsaya kallo". Ba kalmar kyau ko ɗaya a ciki, amma na ga gidan, na ji muryar Umman.

Game da tsawo, layi ɗaya ya isa, biyu idan ya zama dole. A sitatus na WhatsApp mutum ba ya tsayawa karanta sakin layi, kuma dogon rubutu yana rufe ƙasan hoton, inda galibi bishiyoyi da rufin gidaje suke. Idan ka yi ta juyawa ba abin da ya zo, kada ka je neman na aro. Rubuta sunan wurin da watan kawai, kamar "Tiga, ƙarshen Satumba", ka tura. Nan da shekara biyu, idan ka koma kan hoton, wannan ne zai gaya maka inda ka tsaya.