Bugun ruwan nan na bayan injin wanki dai ya yi shiru, alhamdulillah

To jama'a yau kam da murmushi nake rubutun nan. Wannan "gwam!" ɗin da bango yake yi duk sanda injin wanki ya gama shan ruwa ya tafi, kuma ba irin tafiyar da ya saba yi ba ta kwana kaɗan ya dawo. Na kunna wanki na zauna kusa da bangon har ya ƙare, ƙas ɗin bawul kawai nake ji, bututu ko motsi.

Masu fama da irin wannan, ku fara tabbatarwa bugun ruwa ne ba wani abu ba. Idan ƙarar tana zuwa ƙas-ƙas a hankali bayan an buɗe ruwan zafi, bututu ne ke miƙewa yana gogar kilif. Idan gurnani ne mai tsawo lokacin da ruwa ke zuba, a duba robar famfo ko bawul ɗin tankin masai. Nawa guda ɗaya ne mai ƙarfi daidai lokacin da ruwa ya yanke, sai ɗan karkarwa ta biyo baya. Kuma in na rufe famfon murɗawa da hannu ba ya yi, injin ne kaɗai, don solanoyid ɗinsa, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe masa ruwa ya rufe, ba ya lallaɓawa, kafin ƙiftawar ido ya datse ruwan.

Abin da ya sa na daina raina matsalar lissafin nan ne na Joukowsky:

```
ΔP = ρ × c × Δv
```

Wato nauyin ruwa, sau gudun da bugun ke yi a cikin bututu, sau gudun ruwan da aka tsayar. A bututun tagulla bugun yana tafiya wajen mita 1,200 a daƙiƙa, shi ya sa duk mita 1 a daƙiƙa na gudun ruwa da ka tsayar farat ɗaya zai iya ƙara maka kusan 12 a ma'aunin firesha da ake kira ba, wato bar, a kan fireshan da ke layin. Nawa bututun rabin inci ne, in lita 15 na wucewa a minti gudun ya kai wajen mita 1.7, ka ga a takarda ana maganar ba 20 ke nan. A zahiri ba ya kaiwa nan don bawul ɗin yana ɗaukar ɗan lokaci kuma tiyo yana shanye wani abu, amma da na ɗaura geji mai jar allura, wadda ke tsayawa inda firesha ta kai ƙarshe, layin yana zaune a ba 4, injin na yankewa jar allurar ta haura 10. Masu bututun roba ku kam da sauƙi, robar tana ɗan buɗewa, bugun bai kai na tagulla ba, amma kada ku ce babu.

Yanzu ga inda abin ya ci min rai. A bayan bawulolin injin na tarar da ɗakin iska tun asali, guntun bututu mai tsawon santimita 30 a tsaye, an toshe kansa, ɗaya a layin sanyi ɗaya a na zafi. Dabarar ai mai kyau ce a ido, iska ta maƙale a sama, ruwa ya zo da gudu ya danna ta, ta karɓi bugun. Na rufe babban bawul, na buɗe famfon da ya fi kowanne tudu da wanda ya fi kowanne gangare, ruwa ya tsiyaye, na mayar. Shiru. Na ce shi ke nan an gama. Ba a jima ba sai ga ƙarar tana dawowa kaɗan-kaɗan, na sake tsiyayewa ta sake yin shiru ta sake dawowa, wallahi har na fara zargin toshiyar kan ce ke yoyo, na shafa ruwan sabulu ko kumfa ɗaya babu.

Ashe babu abin da ya lalace, haka ɗakin iska yake. Da farko ma iskar ba ta kai yawan da kake zato ba. A ba 4 na geji, in ka haɗa da na sararin sama ya zama 5, iskar ta matse zuwa kashi ɗaya cikin biyar, santimita 30 ɗin nan sun koma 6 tun kafin a yi bugun farko. Sannan wannan ɗan abin da ya rage yana zaune ne kai tsaye a kan ruwa babu shamaki, kuma ruwan da ke cikin firesha yana shanye iska, kamar dai gas ɗin da ke cikin lemon kwalba kafin a buɗe. Kullum yana ɗiba yana tafiya da ita har bututun ya cika taf, daga nan ya zama mataccen reshe mai riƙe tsohon ruwa kawai. Tsiyayewar ma ba kullum take aiki ba, a siririn bututu ruwan kan iya maƙalewa a sama ya ƙi sauka. Ni dai ra'ayina, duk wanda zai buɗe bango yau kada ya ɓata gwiwar bututu da ti, wato mahaɗin bututu mai baki uku, a kan wannan.

Aresta, ɗan abin nan da ake ɗaurawa a bututu don ya shanye bugun ruwa, ita ta raba gardama. Cikinta fistin ne mai zoben roba, iskar tana kulle a bayansa an riga an matsa ta daga masana'anta, ruwa ba ya taɓa ta balle ya shanye. Shi ya sa ba dole sai ta tsaya a miƙe ba, a kwance ma tana aiki, har kai ƙasa. Na sayi ƙanana guda biyu masu alamar AA, girman da aka yi don na'ura ɗaya, masu zaren inci uku bisa huɗu da ke shiga tsakanin bawul da tiyon injin. Kuɗin biyun ya ɗan yi min zafi in aka kwatanta da guntun bututu da murfi, ba zan ɓoye ba.

Wurin sakawa kuma shi ne rabin aikin. Don in gani da idona, na fara gwada ɗaya a can mashigar ruwan gida, inda mutane da yawa ke son sakawa wai ta kare ko'ina. Ƙarar ta ɗan rage amma tana nan. Dalili kuwa bugun a bakin bawul ɗin da ya rufe ake haifar sa, sannan ya koma baya, kafin ya isa mashiga ya riga ya girgiza duk bututun da ke tsakani. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce kada ta wuce ƙafa 6 daga bawul ɗin, wajen mita 1.8, kuma a gefen da ruwa ke shigowa. Da na dawo da ita bakin tiyo sai jar allurar ta tsaya ƙasa da 6. Ku sa a layin zafi ma in injin naku na shan biyu, kowanne da solanoyid ɗinsa. In kuma reshe ne mai famfuna da yawa a jere, ana sa babba ɗaya can ƙarshen reshen tsakanin na'urori biyu na ƙarshe, in reshen ya wuce ƙafa 20 a ƙara ta biyu.

Abu biyu na duba kafin in rufe. Firesha in ta wuce ba 5.5 a zaune, aresta kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an sa bawul mai rage firesha, nawa 4 ne don haka na tsallake. Sai wata gwiwa da na samu tana lilo babu kilif, na ɗaure ta da mai roba a ciki.

Saura injin wankin kwanoni, shi bututunsa siriri ne kuma ƙarƙashin wurin wanke-wanken a matse yake, sai na nemo aresta mai ti a jikinta. Wanda ya taɓa cusa ta a irin wannan lungun ya faɗa min ta yaya sifana ta shiga.